Na canza mai, sabulu ya fara cin hannu: ina kuskuren yake?

Maman Amira:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu sana'a. Ina neman shawara a kan sabulun sanda. Awon da nake bi shi ne mai lita 4, ruwan soda lita 2, haidiromita tana kan 1275. Da man alayyadi zalla nake yi, bai taɓa ba ni matsala ba. Wannan karon na sa alayyadi lita 1, manjan da aka cire wa ja lita 3, ruwan soda kuma ban taɓa awonsa ba. Sabulun ya yi tauri da wuri, amma da na zo yanka sai gefe-gefensa ke marmashewa, kuma wadda ta gwada wanki da shi ta ce yatsunta sun yi raɗaɗi har fata na saɓulewa. Yau kwanansa tara. Manjan ne ba shi da kyau, ko me?

Anti Balaraba:
Wa alaikumus salam. Maman Amira, ai kwana tara bai isa a yanke wa sabulu hukunci ba. Ki jera shi inda iska ke ratsawa, ki bar tazara tsakanin sanda da sanda, ki ba shi sati huɗu zuwa shida. Sabon sabulu dama yana da kaifi, in ya sha iska zai kwanta.

Malam Idi Mai Sabulu:
Anti Balaraba, shan iskar dole ne, amma a nan ba zai wadatar ba. Maman Amira, manjanki lafiyarsa ƙalau. Soda ce ta yi wa man yawa, kuma za a iya fitar da yawan da lissafi.

Kowane mai da adadin sodar da yake ci kafin ya zama sabulu. Giram ɗaya na alayyadi yana cin soda kusan giram 0.176. Giram ɗaya na manja kuwa kusan 0.142 kawai yake ci. Man gyaɗa da na waken soya sun ma fi ƙasa, wajen 0.136 zuwa 0.137, man kaɗe wajen 0.128. Man kwakwa ne ke gaba da alayyadi, wajen 0.183. Littattafai sukan ɗan bambanta a lamba ta ƙarshe, amma tsarin ɗaya ne: alayyadi da kwakwa masu cin soda ne sosai, sauran ba su kai su ba.

Yanzu mu duba awon nan na biyu da ɗaya da kowa ya haddace. Ruwan sodar da haidiromita ta nuna 1275, lita ɗaya nauyinsa giram 1275 ne, kuma kusan rubu'insa soda ce tsantsa, wato wajen giram 320. Lita 2 da kika zuba ke nan suna ɗauke da soda wajen giram 640. Litar mai ɗaya kuma ba kilo ɗaya ba ce, wajen giram 910 ce. Alayyadi lita 4 ya zama giram 3640, in an buga da 0.176 ya ba da wajen 640. Kin ga sun haɗu daidai. Awon nan da alayyadi ya dace, shi ya sa bai taɓa ba ki matsala ba.

Da kika canza mai ga abin da ya faru. Alayyadi lita 1, giram 910, yana cin soda 160. Manja lita 3, giram 2730, yana cin 388. Jimla 548. Ke kuma kin ba su 640. Akwai soda wajen giram 90 a cikin sabulunki da ba ta sami man da za ta ci ba, tana zaune da ranta. Ita ce ta sa shi marmashewa, ita ce kuma ta ci hannun mai wankin. Don Allah kada ki sayar da ko sanda ɗaya a yadda yake.

Anti Balaraba:
Malam, ban musa lissafinka ba, amma ai iska tana kashe soda. Farin nan mai kama da toka da ke fitowa a saman sabulu, ba sodar da iska ta ci ba ce?

Malam Idi Mai Sabulu:
Ita ce, Anti. Sodar da ke fuskar sabulu in ta haɗu da iska tana komawa farin gari mai sauƙin kaifi, a goge shi da jiƙaƙƙen ƙyalle ya tafi. In rarar kaɗan ce, lokaci yana rage ta. Amma iska fuska take taɓawa. Giram 90 da ke warwatse har tsakiyar sanda ba abin da za a dogara da sati shida ya kawar ba ne. Waje zai yi sanyi a hannu, ki ce ya nuna, mai saye ya yi wanki uku ya isa ciki ya tarar da wuta.

Akwai kuma hanyar bambance su da ido. Farin iska a sama kawai yake, in kin yanka sandar cikinta sumul, kala ɗaya. Mai rarar soda in kin yanka yana tsagewa kamar alli, wani lokaci da fararen ɗigo ko ƙananan ramuka masu ruwa a ciki. Ruwan ramukan nan kada a taɓa shi da hannu tsirara.

Ummu Salma:
Ni dai in soda ta yi yawa salfonik nake ƙarawa kaɗan-kaɗan ina juyawa har ya daina zafi a hannu. Ki gwada, yana ƙara kumfa ma.

Yaya Murja:
Ummu Salma, ke sabulun ruwa kike nufi, ita kuma na sanda take tambaya. A sabulun ruwa salfonik ce ke cin soda, don haka in ɗaya ta rinjayi ɗaya sai a ƙara ta biyun. A na sanda mai ne ke cin soda. Abin da ya rasa shi ne mai, shi za a ba shi.

Ummu Salma:
Af, na gane. Ban karanta farkon da kyau ba, ku yi haƙuri.

Maman Amira:
Malam Idi, Allah ya saka da alheri, na ga inda na kauce. To yanzu zubarwa zan yi? Kayan da yawa.

Malam Idi Mai Sabulu:
Ba sai kin zubar ba, ana sake dafa shi. Ki sa safar hannu ta roba mai kauri, ki gurza sabulun duka da magogi ya zama siri-siri. Kwana tara bai gama bushewa ba, don haka ruwa kaɗan yake so, ki yayyafa kamar rabin lita, ki rufe ya kwana ya yi laushi. Washegari ki zuba a tukunyar ƙarfen da ba ya tsatsa, ki ɗora ta cikin wata babbar tukunya mai ruwan zafi, kada gindinta ya taɓa wuta kai tsaye, don sabulu yana kamawa ya ƙone kafin sama ya narke.

Man da za ki ƙara kuwa, giram 90 a raba da 0.142, ya ba da manja wajen giram 630 zuwa 650. Wannan shi ne zai cinye rarar cif, ya isa sabulun wanki. In na wanka kike so, ki kai shi wajen giram 870, don ya zamana akwai ɗan mai da ya rage bayan soda ta ƙare. Ki narkar da man, ki zuba bayan sabulun ya saki jiki, ki rufe, kina juyawa duk bayan minti goma zuwa sha biyar. Zai ɗauki awa ɗaya ko biyu. Da farko za ki ga man yana yawo a sama yana sheƙi, kada ki tsorata. In ya nuna man zai ɓace gaba ɗaya, haɗin ya zama abu ɗaya mai kauri da ɗan haske-haske. Sai ki kwashe da zafinsa ki danna a mazubi, ki buga mazubin a ƙasa sau da yawa don iska ta fita. Turare a ƙarshe ake ƙarawa, bayan an sauke kafin a danna a mazubi, saboda zafi ya riga ya kwashe na farkon.

Fuskarsa ba za ta yi santsi kamar na zubin sanyi ba, zai yi ɗan kaushi da gajimare-gajimare. Aikin wanki dai zai yi.

Alhaji Ɗanlami:
Malam Idi, duk wannan wahalar ta mene ce? A zuba ruwan lemon tsami ko binega a cikin narkakken, asid ya kashe soda, shi ke nan. Ya fi ƙara mai arha.

Malam Idi Mai Sabulu:
Ranka ya daɗe, asid yana kashe soda, wannan gaskiya ne. Matsalar a yawa take. Binegar da ake sayarwa kashi 5 cikin 100 ce kawai asid, sauran ruwa ne. Giram 100 nata soda wajen giram 3 da ɗoriya take kashewa. Kafin a kashe giram 90 sai an zuba fiye da lita biyu da rabi, sabulun ya koma kunu. Lemon tsami kuma ba a san ƙarfinsa ba, wannan ya bambanta da wancan, in ya wuce kima sai ya juya kan sabulun da ya riga ya haɗu ya warware shi, ka ga maiƙo na fitowa, kumfa ta mutu. Man da aka ƙara kuwa ba asara ba ne, sabulu yake zama, nauyin kayan sayarwa ya ƙaru.

Yaya Murja:
Tunda an ambaci binega bari in faɗi wani abu, don ana yawan yaɗa shi. In ruwan soda ya zubo wa mutum a fata, ruwa mai gudu ake sakar wa wurin, minti goma sha biyar zuwa ashirin, a cire rigar da ta jiƙe. Ba binega ba. In ido ne a yi ta wankewa da ruwa, a tafi asibiti ba jira. Kuma kullum soda ake zubawa cikin ruwa, kada a zuba ruwa a kan soda, yana iya tafasowa ya fantsamo fuska. Tukunyar alminiyam ma a nisanta ta, soda tana cinta tana fitar da iska mai kama wuta. Maman Amira ki lura da wannan wajen sake dafawar, don naki da sodarsa a raye. Robar haɗi kuma ki duba gindinta, in akwai lamba 5 ko 2 a cikin 'yar alama mai kusurwa uku, tana jure soda. Robar ruwan sha mai lamba 1 ba ta jurewa.

Hajiya Turai:
Ni tawa matsalar akasin ta Maman Amira ce. Alayyadi zalla, biyu da ɗaya, haidiromita 1275, amma sabulu kwana huɗu a mazubi yatsa na shiga, sama kuma da maiƙo. In awon na alayyadi ne, me ya hana nawa tauri?

Malam Idi Mai Sabulu:
Hajiya, sodarki ya take a ido? Tana zuba ɗai-ɗai a bushe, ko ta dunƙule?

Hajiya Turai:
Ta dunƙule kam, har da danshi. Buhun ya kwana biyu a buɗe.

Malam Idi Mai Sabulu:
To ga shi nan. Soda tana jan danshi da iska da kanta. Ɓangaren da iska ta ci ya koma irin farin garin da muka yi magana a sama, wanda ba ya mai da mai sabulu a zubin sanyi. Abin da ke ruɗa mutane shi ne haidiromita ba ta san wannan ba. Nauyin ruwa kawai take aunawa, kuma mataccen ɓangaren ma yana ƙara wa ruwa nauyi. Sai ta nuna miki 1275 alhali ƙarfin da ke ciki bai kai ba. Sabulu ya fito da laushi, man da bai sami soda ba ya taso sama. Da an buɗe buhu a juye soda cikin bokitin roba mai murfin da ke kamawa sosai, a riƙa ɗiba ana rufewa nan take.

Haidiromita tana da wata ruɗar ta biyu, wadda ke kai mutum ga irin matsalar Maman Amira ko da bai canza mai ba. Sabon haɗin soda zafi yake yi sosai, yana iya haura digiri 80. Ruwa mai zafi kuma ya fi mai sanyi rashin nauyi, don haka in an auna da zafinsa lambar ƙasa take nunawa. Mutum ya ga bai kai 1275 ba ya ƙara soda, in ya huce ya wuce kima. A bari ya huce ɗungurungum kafin a auna.

Anti Balaraba:
Shi ya sa aka ce soda sai ta kwana biyu ta nuna kafin a yi aiki da ita.

Yaya Murja:
Anti, babu wata nuna da take yi. Hucewa ce kawai, da kuma tabbatar da cewa ta narke duka. Da ta huce, ruwan ya yi garau, babu ƙwaya a gindi, an gama. In ma aka bar ta kwana biyu a buɗe, ƙarfi take rasawa, za ki ga wani farin ɓawo a samanta. Mai son ajiyewa ya rufe.

Anti Balaraba:
Ni dai wadda ta kwana ta fi ba ni sabulu mai laushin fuska, ba ya kama ni da sauri. Ba zan daina ba.

Malam Idi Mai Sabulu:
Abin da kike gani gaskiya ne, Anti, soda mai sanyi tana ba da lokacin juyawa, mai zafi tana gaggauta kauri. Ki ci gaba, ki dai rufe bokitin.

Maman Amira, don gaba, shawarata ki koma sikeli, ki bar awon lita. Ga kilo ɗaya na mai a irin haɗin da kike so. Alayyadi giram 300, a buga da 0.176, ya ba da 53. Manja giram 700, a buga da 0.142, ya ba da 99. Jimla 152. A cire kashi 5 cikin 100 don a bar wa fata ɗan mai, kuma ya rufe ɗan kuskuren sikeli, ya rage giram 145 na busasshiyar soda. Ruwa ninki biyu na soda, giram 290. Shi ke nan. In kilo biyar za ki yi, ki ninka komai sau biyar.

In kuma kina da ragowar ruwan 1275 da ba ki so ya tafi a banza, tunda rubu'insa ne soda, ki ninka 145 sau huɗu, ki auna giram 580 a sikeli ga kowane kilo na mai, kada ki ƙara wani ruwa. Zai yi, sai dai ruwansa ya fi yawa, zai fi daɗewa a mazubi, kuma sandar za ta fi motsewa in ta bushe.

Manja ma yana da halinsa. In ya zauna yakan rabu, mai kauri ya kwanta ƙasa, mai ruwa ya tsaya sama. Ki narkar da jarkar duka ki juya kafin ki ɗiba, in ba haka ba zubin farko ya yi laushi, na ƙarshe ya yi ƙwari yana tsagewa. Kuma kada ki zuba soda mai sanyi sosai a kan manjan da ke gab da daskarewa. Zai yi kauri nan da nan ki zaci ya haɗu, alhali daskarewa ya yi, in ya ɗumama a mazubi ya rabu. Ki bar man da ɗumi kaɗan sama da na jiki, wajen digiri 40. Haɗuwa ta gaskiya ita ce ki ɗago muciya ki ɗiga a saman haɗin, ɗigon ya ɗan zauna ya bar shaida kafin ya nutse, kuma ba ki ganin zaren mai a gefen bokiti.

Maman Amira:
Na rubuta duka. Saura abu ɗaya: bayan na sake dafawa, ya zan tabbatar sodar ta ƙare kafin in kai wa mutane? Ina da takardar pH.

Yaya Murja:
Takardar za ta taimaka in abin ya yi muni, amma kada ki jira ta nuna 7. Sabulun gaske mai lafiya yana tsakanin 9 da 10, haka halittarsa take. In ta haura 11 zuwa 12 akwai matsala. Kuma ba a kan busasshiyar sanda ake mannawa ba, ki kankaro kaɗan daga tsakiya ki narkar a ɗan ruwa, ki tsoma.

Alhaji Ɗanlami:
Harshe ya fi takarda. A jiƙa yatsa, a shafa sabulun, a ɗan taɓa bakin harshe. Mai lafiya ɗacin sabulu kawai za ka ji. Mai soda zai tsikare ka kamar ka lasa batir.

Yaya Murja:
Alhaji, gwajin yana aiki, amma ba zan ba wa mai irin wannan sabulun shawarar sa shi a baki ba. Wanda ya saɓule fatar yatsa me zai yi wa harshe?

Malam Idi Mai Sabulu:
Na yanzu kam kada ya kusanci harshe, an riga an san amsarsa. Bayan an dafa ya huce, in takarda ta nuna 10 ko ƙasa, masu sana'a da yawa suna ƙarawa da gwajin yatsan da Alhaji ya faɗa, daga tsakiyar sanda ba daga fuska ba. Wanda bai yarda da shi ba ya wanke hannu da sabulun ya jira rabin awa ya ga ko fata za ta yi ja ko ƙaiƙayi.

Hajiya Turai:
Nawa mai laushin fa, shi ma dafawa?

Malam Idi Mai Sabulu:
Naki ya fi wuya, Hajiya, don ba mu san nawa ne ya mutu a sodarki ba, babu lambar da za a buga. Ki ba shi sati biyu tukuna. In ya kama jikinsa, ki yi amfani da shi da wuri, don sabulu mai rarar mai shi ne ke fitar da ɗigon ruwan goro yana warin tsohon mai bayan wata biyu ko uku, musamman in an naɗe shi a leda bai bushe ba. In bai kama ba, a dafa, a narkar da sabuwar soda giram 10 a ruwa giram 20 ana ƙarawa, a ba shi rabin awa tsakanin ƙari da ƙari, ana gwadawa har maiƙon ya ɓace.

Anti Balaraba:
Ko ta haɗa nata da na Maman Amira a tukunya ɗaya, ɗaya rarar mai, ɗaya rarar soda?

Malam Idi Mai Sabulu:
In dukansu a hannun mutum ɗaya suke ana yin haka, kuma yana fitowa, sai dai gwajin ƙarshe ya zama tilas tunda ɓangare ɗaya ba a san awonsa ba. Hajiya, lita nawa na mai kika zuba, kuma maiƙon da ya taso ya kai a kwashe shi da cokali, ko sheƙi kawai yake yi?